Takardar shaidar biyan haraji: wanda ya jira tallar kwangila ta fito ya riga ya makara

Akwai wata magana da muka daɗe muna son mu yi a nan, domin abin yana ta maimaita kansa a tsakaninmu, kuma kusan kullum iri ɗaya yake zuwa. Za ka ga mutum ya shekara goma ko fiye yana kasuwanci a Legas ko Ibadan ko Fatakwal, an san shi da gaskiya, yana da kaya, yana da jari, yana da motar kai kaya. Sai a yi tallar kwangilar kawo shinkafa da wake ga wata makaranta ko wani asibitin gwamnati, aikin da ya fi kowa iyawa. Ya karɓi jerin takardun da ake bukata, ya ga an rubuta takardar shaidar biyan haraji ta shekara uku, wadda aka fi sani da TCC. Daga nan sai a fara buge-bugen waya: wa ya san wanda zai iya fito da ita kafin ranar Juma'a?

Ra'ayinmu a kan wannan a fili yake. Wannan takarda ba a samo ta ranar da ake bukatarta. Tarihin shekara uku ne ake rubutawa a kan shafi ɗaya, kuma wanda bai ajiye tarihin ba, babu abin da za a rubuta masa. Duk wanda yake da niyyar ya taɓa neman kwangila, ko ta naira miliyan biyu ce, ya kamata ya fara gyara fayil ɗinsa na haraji tun babu wata talla a gabansa.

Bari mu fara da abin da takardar take faɗa, domin mutane da yawa suna ɗauka rasit ce. Hukumar haraji ce take shaidawa cewa a shekaru uku da suka gabaci shekarar da ake ciki, wannan mutum ko wannan kamfani ya bayyana abin da ya samu, an lissafa harajinsa, kuma ya biya, ko kuwa an duba an ga babu harajin da ya hau kansa. A jikinta za ka ga suna da lambar mai biyan haraji, sannan shekarun uku a jere, kowace da kuɗin da aka samu, harajin da ya kamata a biya da wanda aka biya. A ta kamfani har jimillar cinikin kowace shekara ake rubutawa. A riƙe wannan batu na ciniki, za mu dawo kansa.

Abin da ya kamata a lura da shi shi ne, mutum yana iya samun takardar ko da bai biya ko kwabo ba, muddin doka ba ta ɗora masa haraji ba kuma ya kai bayanansa a kan kari. Haka kuma mutum yana iya kashe dubban ɗaruruwa a shekara wajen biyan kuɗaɗe iri-iri, amma a hana shi takardar. A nan ne 'yan uwanmu da yawa suke jin an zalunce su. Mai sayar da albasa a Mile 12 zai ce maka shi kam kullum cikin biya yake: kuɗin tikitin kasuwa, kuɗin sauke kaya, kuɗin ƙungiya, kuɗin shara, lasisin rumfa na ƙaramar hukuma, ga abin da aka karɓa a hanya tun daga inda aka ɗauko kayan. Gaskiya ne ya biya. Amma babu ɗaya daga cikin waɗannan da yake harajin kuɗin shiga, kuma TCC a kan harajin kuɗin shiga take magana. Ko ka cika buhu da irin waɗannan rasitai ka kai ofishin haraji, ba za a lissafa maka su a matsayin harajin da ka biya ba. Amfaninsu shi ne wasu daga ciki za su iya shiga lissafin kuɗin da ka kashe wajen gudanar da kasuwanci, su rage ribar da za a yanka wa haraji. Don haka ma a daina zubar da su.

Akwai kuma abin da takardar ba ta tabbatarwa. Ba ta nuna cewa ka iya aikin da kake nema. Ba ta kuma nufin hukuma ta yafe maka bincike, domin tana da damar komawa baya har shekara shida ta sake duba littattafanka idan ta ga dalili. Sannan ba ta dawwama. Ranar 31 ga Disamba take ƙarewa, ko da a watan Nuwamba aka ba ka ita. Mun ga wanda ya sa ta bara a cikin takardun neman kwangilar bana, aka ajiye fayil ɗinsa gefe tun kafin a buɗe farashin da ya bayar.

Kuskure na biyu da ya fi yawa shi ne rashin sanin ofishin da ya kamata a je. Hukumomin haraji biyu ne suke ba da wannan takarda, kuma irin rajistar da ka yi a CAC ita ce take nuna wadda za ka nufa. Idan sunan kasuwanci kawai ka yi wa rajista, wato takardarka tana ɗauke da lambar BN, to a idon doka kai da kasuwancin abu ɗaya ne. Harajinka na jiha ne, kuma jihar da kake zaune, ba jihar da aka haife ka ba. Mutumin Funtua da yake zaune a Agege da iyalinsa, hukumar harajin jihar Legas ce, LIRS, za ta ba shi takarda. Wanda yake zaune a Abuja kuwa FCT-IRS. Idan kuma kamfani ne sosai, mai lambar RC da Ltd a ƙarshen sunansa, to shi wani mutum ne daban a wajen doka, kuma harajinsa na tarayya ne. Hukumar da aka sani da FIRS ita ce take riƙe da shi, wadda daga watan Janairun 2026 ta koma NRS bayan sababbin dokokin haraji da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2025.

Wannan bambanci ba ƙaramin abu ba ne. Idan kamfani ne yake neman kwangila, takardar kamfanin ake so, takardar mai kamfanin ba za ta tsaya a madadinta ba. Wasu jihohi kuma, idan aikinsu kake nema, bayan ta kamfani sai sun nemi ta daraktoci, domin su ga ko su ma suna biyan nasu harajin. Ke nan mai kamfani yana da fayil biyu da zai kula da su, ɗaya a tarayya, ɗaya a jiha.

To yaushe kwangila take bukatar wannan takarda? Idan aikin gwamnatin tarayya ne, amsar ita ce kusan kullum. Dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ta shardanta cewa duk mai neman kwangila sai ya sauke nauyin haraji da na fansho da makamantansu. Shi ya sa idan ka duba tallace-tallacen ma'aikatu za ka ga jeri iri ɗaya: rajistar CAC, TCC ta shekara uku wadda ba za ta ƙare ba sai 31 ga Disamban shekarar, takardar PenCom, ta ITF, ta NSITF, da shaidar rajista a rumbun 'yan kwangila na BPP. Jihohi suna da nasu dokokin, kuma su ma suna neman takardar tun daga lokacin da za ka yi rajista a matsayin ɗan kwangila. Manyan kamfanoni masu zaman kansu, irin masana'antun abinci da otal-otal, da yawansu suna nema kafin su sa sunanka a jerin masu kawo musu kaya. Sabuwar doka ma ta sa tarar naira miliyan 5 a kan hukuma ko kamfanin da ya ba da kwangila ga wanda bai yi rajistar haraji ba. Saboda haka wanda a da yake kau da kai ya ba ka aiki don sanayya, yanzu yana da dalilin da zai ce maka ka je ka gyara takardunka tukuna.

Ba kwangila kaɗai ba ce. Ana neman ta wajen neman takardar mallakar fili, wajen amincewa da zanen gini, wajen sauya sunan mai gida bayan an yi ciniki. Wanda ya sayi fili a Legas ya je neman amincewar gwamna ya san wannan. Amma a yau kwangila muka sa a gaba.

Mu ɗauki misali guda mu bi shi daki-daki, irin wanda muke gani a kai a kai. Wani ɗan uwa mai sayar da hatsi ya yi rajistar kamfani shekarun baya, saboda an ce masa sai da Ltd ake samun babban aiki. Ya karɓi takardar CAC, ya buɗe asusun banki, ya sa takardar a durowa. Bai taɓa kai wa hukumar haraji bayanin shekara ba, domin an gaya masa ƙananan kamfanoni ba sa biyan haraji. Wanda ya gaya masa haka bai yi ƙarya ba, amma rabin maganar ya faɗa. Tun daga dokar kuɗi ta 2019, kamfanin da cinikinsa bai wuce naira miliyan 25 a shekara ba an ɗauke masa harajin riba, sabuwar doka ma ta ƙara ɗaga wannan iyaka. Abin da ba a ɗauke masa ba shi ne kai bayani. Kowane kamfani, ko ya yi ciniki ko bai yi ba, dole ne ya miƙa lissafinsa cikin wata shida bayan ƙarshen shekararsa ta kasuwanci. Idan shekararka tana ƙarewa 31 ga Disamba, wa'adinka 30 ga Yuni ne.

Yanzu an yi tallar kwangilar naira miliyan 18, saura mako uku a rufe. Ɗan uwanmu ya je neman takarda, sai aka buɗe masa fayil aka ga babu komai. Kafin a yi maganar TCC, sai ya kawo lissafin kowace shekara da ya tsallake. Hakan yana nufin neman akanta, fito da bayanan banki na shekaru, tono rasitan sayen kaya waɗanda yawancinsu ba a ajiye ba, domin cinikin da baki aka yi shi. Sannan ga tara. A tsohuwar doka, jinkirin kai bayanin kamfani naira 25,000 ne a watan farko, da naira 5,000 a kowane wata bayansa, wato jinkirin wata goma sha biyu ya kama naira 80,000. A sabuwar doka tarar ta koma naira 100,000 a watan farko da naira 50,000 a kowane wata da ya biyo baya. Jinkirin wata goma sha biyun nan yanzu naira 650,000 ne, a kan bayanin shekara ɗaya kacal, a kan kamfanin da ba a bin sa bashin harajin riba ko naira ɗaya. Kuɗin da akanta zai karɓa ya shirya bayanin ƙaramin kamfani a kan lokaci bai kai kusa da wannan ba.

A ce ma ya yi ƙoƙari ya biya komai, takarda ta fito ana saura kwana biyu. Nan ne batun ciniki da muka ce a riƙe yake dawowa. Tallar kwangila sau da yawa tana cewa sai matsakaicin cinikin mai nema a shekaru ukun ya kai wani adadi, kuma a jikin TCC ake dubawa. A ce sun nemi naira miliyan 20. Shi kuwa, don gudun kada a gan shi da kuɗi, ya sa an rubuta masa miliyan 4, miliyan 5 da miliyan 6, alhali ainihin cinikinsa ya ninka haka sau huɗu, sai dai mafi yawansa ta asusunsa na kansa ya bi, bai bi ta asusun kamfani ba. Matsakaicinsa ya zama miliyan 5. Takardarsa ta gaskiya ce, daga hukuma ta fito, amma da ita za a cire shi, domin ta shaida cewa kamfanin ƙarami ne da ba zai iya ɗaukar aikin ba. Muna ganin wannan shi ne abin da mutanenmu suka fi kasa ganewa: abin da ka ɓoye wa mai haraji ka ɓoye wa mai ba da kwangila, tunda takarda ɗaya suke karantawa.

A irin wannan matsi ne 'yan cuwa-cuwa suke shigowa. Wani zai ce ka ba shi dubu ɗari da hamsin, gobe da yamma takarda za ta iso. Za ta iso kuwa, da tambari da komai. Matsalar ita ce zamanin da ake duba tambari da ido ya wuce. A 2021 hukumar tarayya ta mayar da harkar kai bayani kan intanet ta TaxPro-Max, Legas kuma tana da nata shafin na eTax. Takardar da aka fitar tana da lamba, kuma ma'aikatar da ka kai wa tana iya tantance ta a wajen hukumar da ta bayar. Idan lambar ba ta fito ba, ko ta fito da sunan wani, magana ta wuce rasa kwangila. Dokar 2007 ta ɗauki amfani da takardun jabu a matsayin laifi, kuma kamfanin da aka samu da shi ana iya hana shi duk wata kwangilar gwamnati na aƙalla shekara biyar, da tarar kashi 25 cikin ɗari na kuɗin aikin, ban da hukuncin da zai iya hawa kan daraktoci. Wanda ya buga maka takardar kuwa babu sunansa a ko'ina, naka ne a jiki.

Hanyar gane irin wannan ba ta da wuya. Duk wanda ya ce zai fito maka da TCC amma bai tambaye ka bayanin banki ko lissafin ciniki ba, ka tambayi kanka daga ina zai samo alƙaluman da za a rubuta. Duk wanda ya ce ka tura kuɗin harajin a asusunsa, ka tsaya. Kuɗin aikinsa daban, wannan hakkinsa ne, amma harajin kansa da sunanka da lambarka ake biya a asusun gwamnati, kuma rasit ɗin da sunanka zai fito. Sannan duk wanda ya buɗe maka shafi ya riƙe kalmar sirrin bai ba ka ba, ya sa lambar wayarsa da adireshin imel ɗinsa a maimakon naka, ya mayar da kai bawansa ke nan, duk shekara sai ka neme shi. Idan an ba ka takarda, ka shiga shafin hukumar da kanka, ko ka sa ɗanka ya shiga, ka ga tana nan.

Wata hanyar da ake bi ita ce aron kamfani. Ka nemi wani mai cikakkun takardu, ka yi amfani da sunansa, ka ba shi kaso. Mun san ana yi, kuma mun san wasu sun ci riba a haka. Amma a duba abin da ake bayarwa. Kuɗin aikin asusunsa zai shiga, kuma idan ya riƙe babu takardar da ta ce naka ne. Cinikin miliyan 18 ɗin a TCC ɗinsa zai fito baɗi. Takardar kammala aiki da sunansa za a rubuta. Kai ka yi wahalar, shi kamfaninsa ya girma, kuma idan wata tallar ta fito haka za ka koma ka roƙe shi.

To yaya ake samun ta ta hanyar da ta dace? Ga mai sunan kasuwanci ko mai sana'ar kansa, mataki na farko shi ne rajista da hukumar harajin jihar da yake zaune, da lambarsa ta NIN. A Legas za a ba shi lamba da suke kira Payer ID. Daga nan kowace shekara, kafin 31 ga Maris, zai kai bayanin abin da ya samu a shekarar da ta wuce, a lissafa harajinsa, ya biya, ya ajiye rasit. Idan shekaru ukun sun cika babu giɓi, neman takardar ba ya ɗaukar dogon lokaci. Ga kamfani kuwa, sai ya tabbatar lambar harajinsa tana aiki a shafin hukumar tarayya, ya miƙa lissafin shekara kafin wa'adi, idan kuma yana cikin masu karɓar harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari ya riƙa kai bayaninsa kafin 21 ga kowane wata. Na'ura ba ta sakin takarda idan ta ga bashi ko watan da aka tsallake. Sabon kamfanin da bai kai shekara uku ba shi ma yana iya nema, za a rubuta masa iya shekarun da ya yi. Ma'aikacin da ake cire wa haraji daga albashi kuwa, tasa takardar ta dogara ne a kan ko wurin aikinsa ya kai kuɗin da ya cire, ya kuma miƙa bayanin ma'aikata kafin 31 ga Janairu.

Mutane suna tsoron adadin da za a yanka musu, don haka bari mu yi lissafi ɗaya. A sabon tsarin da ya fara aiki a 2026, naira 800,000 na farko na abin da mutum ya samu a shekara babu haraji a kai. Naira miliyan 2.2 da suka biyo baya kashi 15 cikin ɗari ne. Mai sunan kasuwancin da ribarsa ta shekara, bayan an cire kuɗin saro kaya da haya da sufuri da albashin yara, ta kama naira miliyan 3, harajinsa naira 330,000 ne, kafin a cire rangwamen da doka ta ba shi. A lura, a kan riba ake yanka shi, ba a kan ciniki ba. Wanda ba shi da littafi ba zai iya nuna bambancin biyun ba, sai jami'i ya yi masa ƙiyasi, kuma ƙiyasi ba kasafai yake zuwa da sauƙi ba.

Akwai kuma kuɗin da da yawanmu sun riga sun biya ba su sani ba. Idan ka kai wa gwamnati ko babban kamfani kaya, ba a biyanka cikakken kuɗi, ana cire wani kaso a matsayin harajin riƙo. Daga farkon 2025, a kan kawo kaya kashi 2 cikin ɗari ne. Wannan kuɗi ba ɓata ya yi ba, kafin alƙalami ne na harajinka. Idan mutumin nan mai harajin naira 330,000 ya kai kayan naira miliyan 10 a shekarar, an cire masa naira 200,000, saura naira 130,000 kawai zai cika. Amma hakan ba zai yiwu ba sai wanda ya cire ya kai kuɗin hukuma da lambarka, ya kuma ba ka shaida. Shi ya sa muke cewa a rubuta lambar haraji a kan kowace takardar neman biya, kuma a nemi shaidar abin da aka cire tun a watan da aka biya, kada a bari sai bayan shekara biyu lokacin da akantan wurin ya canza aiki.

Mun san abin da wasu za su ce, kuma ba mu raina shi ba. Za su ce me gwamnati ta yi mana da za mu kai kanmu? Hanyar kasuwa ta lalace, wuta babu, ruwa saye muke yi, idan rikici ya tashi rumfunanmu ake fara ƙonawa. Wasu kuma za su ce da ka shiga littafinsu ba za su sake barinka ka huta ba. Akwai gaskiya a cikin wannan ƙorafi. Amma ƙin yin rajista bai hana a karɓi kuɗinmu ba. Ana karɓa a hanya, ana karɓa a kasuwa, ana cirewa daga kuɗin kayan da muka kai. Bambancin kawai shi ne babu inda aka rubuta sunanmu. Sakamakon haka, wanda ya ɗauko shanu ko hatsi daga nesa da jarinsa, ya ɗauki kasadar hanya, shi yake sayarwa da araha ga mai takardu, mai takardun kuma ya kai wa gwamnati ya ɗauki babbar ribar. Wanda yake da takardar shekara uku a hannu kuma bakinsa ya fi ƙarfi idan ya je gaban hukuma yana neman a gyara magudanar kasuwa.

Su ma hukumomin haraji akwai abin da ya rataya a wuyansu. Doka ta daɗe tana cewa idan mutum ya nemi takardar, a ba shi cikin mako biyu ko a gaya masa dalilin hanawa. Bai kamata a bar mutum yana zarya wata biyu ana ce masa na'ura ba ta aiki ba. Bai kuma dace a riƙe takardar ɗan kasuwa saboda wata ma'aikata ta cire masa haraji ta ƙi kaiwa ba, alhali yana da shaidar an cire. Laifin na wanda ya riƙe kuɗin ne, shi ya kamata a bi. Idan aka yi wa mutum ƙiyasin da ya wuce hankali, yana da damar ya rubuta ƙin amincewa cikin kwana 30 da samun takardar ƙiyasin, ya haɗa da hujjojinsa. A rubuce ake yi, a karɓi kwafi mai tambarin ofis. Gardamar baki a gaban tebur ba ta tsayar da wa'adin, kuma idan kwana 30 suka wuce ƙiyasin ya zauna.

Shawararmu ga duk wanda ya karanta wannan ita ce ya ɗauko takardar rajistarsa yau ya duba, BN ce ko RC, domin ya san ofishin da ya shafe shi. Ya tambayi shekara nawa ake bin sa bayani, tun tarar ba ta ƙara hawa ba. Ya raba asusun kasuwa da na gida, ya sa kuɗin ciniki ya riƙa bi ta asusun kasuwa. Ya sayi littafi ko da na ɗari biyar ne, a riƙa rubuta shiga da fita kullum. Masu ƙananan kamfanoni uku ko huɗu a layi ɗaya suna iya haɗa kai su ɗauki akanta ɗaya mai rajista, kuɗin ya yi musu sauƙi. Wanda kuma ya buɗe kamfani ya daina amfani da shi, kada ya ɗauka ya mutu da kansa, tarar tana ci gaba da taruwa a kansa har sai ya kai bayani ko ya rufe shi yadda doka ta tsara.

Da zarar an miƙa bayanin shekara an biya abin da ya kamata, a nemi takardar a ajiye, ko babu wata kwangila a gaba. Idan talla ta fito, makonnin nan uku sai a yi amfani da su wajen lissafin farashi da neman kaya masu kyau.

Allah ya yi wa kasuwancinmu albarka, ya sa mu dace.